Bayyara ta kubik 36, amma mai gallabi yace sawu 10

Tambaya: Salam injiniya, zan haƙa bayyara, wato ramin ruwan ƙazantar gida, a Jidda, mita 3 da mita 3, zurfi mita 4. Lissafina kubik 36, gallabin, wato tifar kwashe ƙasa, na ɗaukar kubik 10, ni na sa sawu 4, shi kuma yace 10. Cuta ta zai yi ko?

Amsa: Wa alaikassalam Alhaji, kar ka yi saurin cewa ya cuce ka, 3 da 3 ɗin nan cikin bayyarar ne bayan an gama gini, ramin da boklen zai haƙa ya fi haka nesa ba kusa ba. Bulo zai ci santimita 20 kowane gefe, magini kuma sai an bar masa kamar rabin mita a bayan bango, to faɗin ya koma mita 4.4 kenan.

4.4 × 4.4 × 4 = 77.44

Kaga tun ba'a je ko'ina ba ka ninka lissafinka. Sannan ƙasa in aka tono ta kumbura take yi, yashi kaɗan ne, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, mai laka 25 zuwa 30, dutse kuwa irin na Makka in aka fasa shi yana kai rabi ko fiye. Mu ɗauka 25.

77.44 × 1.25 = 96.8

Sawu 10 ɗin nan kenan, idan duk ƙasar za'a fitar.

Amma anan ne nake so ka tsaya, me zaku cika bayan bangon dashi? In tsakuwa da duwatsu za'a zuba don ruwa ya riƙa tsanewa, wanda ni shi nafi so a bayyarar da ake son ta sha ruwa, to gaba ɗaya ƙasar zata tafi kuma mutumin yana kan gaskiya. In kuwa ƙasar ramin zaku mayar, abinda zai fita gurbin ginin ne kawai, 3.4 × 3.4 × 4 wajen kubik 46, da kumburi 58, sawu 6. Sauran a tara ta gefe, nesa da bakin ramin, don wallahi na sha ganin an biya kuɗin kwashewa sannan an dawo ana sayen ƙasar ciko.

Ka sa tef ka auna bodin motar da kanka, tsawo da faɗi da tsayi, kuma wani naka ya tsaya yana ƙirga sawu yana duba ko an cika.

Don Allah zurfin mita 4 a yashi kar a yanka gefen a tsaye a tura mutum ciki, kubik ɗaya ya fi tan ɗaya da rabi nauyi. Ko a tokare gefen ko a kwantar dashi, in an kwantar kuma kubik zai ƙaru sosai. Jidda ga ruwa kusa a unguwanni da yawa, in ƙasa ta fara fitowa jiƙe ku dakata, gefen zubowa zai yi, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi zai hana a cika motar, sawu ya ƙaru.