Dafaffen alayyahu: ayon ɗinsa yana nan? Okzalet fa?

Likita, ina da juna biyu wata 6, an ce jinina ya yi ƙasa. Ƙanwata ta ce idan na dafa alayyahu ayon ɗin ya mutu, sai dai in ci ɗanye. Haka ne? (Wata mai karatu daga Zariya)

Hajiya, wuta ba ta kashe ayon. Ma'adinin ƙarfe ne da jiki ke haɗa jini da shi, zafin tukunya ba ya canza shi. Hasali ma a giram 100 na ɗanyen alayyahun Turai akwai kusan miligiram 2.7, amma a giram 100 na dafaffe akwai wajen 3.6. Dalili kuwa ganye ne ya motse, abin da ya cika kwando ya koma ɗan tafin hannu. Alayyahunmu na lambu wani tsiro ne daban, amma ta wannan fuska halinsu kusan ɗaya ne.

Abin da ke faruwa shi ne wani kaso na ayon yana fita cikin ruwan dahuwa. Idan miya ce ko fate, ruwan ciki za ki sha, ba ki yi asara ba. Wanda ke lalacewa da gaske shi ne bitamin C da folet, musamman idan an daɗe ana tafasawa ko an jefa kanwa don ganye ya yi laushi. Wannan asarar ce ta shafe ki, domin ayon na ganye yana da wuyar shiga jini, kuma bitamin C ne ke taimaka masa. Saboda haka ki sa ganyen a ƙarshen girki, ki matsa lemun tsami bayan an sauke, ki haɗa da nama ko kifi, shayi kuma ki jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Amma in faɗa miki gaskiya, mai ciki tana bukatar kusan miligiram 27 a abincinta kullum. Kofi guda na dafaffen ganye wajen miligiram 6 kawai yake ɗauke da shi, kuma kaɗan ne jiki ke tsotsa daga ciki. Alayyahu ba zai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki a wurin awo ba. Ki ci gaba da shan su.

An cire mini tsakuwar ƙoda bara. Na ji ana cewa alayyahu ne ke kawo ta. In daina ci gaba ɗaya? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Malam, kai kam kana cikin waɗanda ya kamata su kula. Mafi yawan tsakuwar ƙoda, kusan 8 cikin 10, haɗuwar kalsiyam ce da okzalet, wani sinadari da ke cikin wasu ganyaye, kuma alayyahu yana sahun gaba a yawan okzalet: rabin kofi na dafaffen na Turai yakan kai wajen miligiram 700, alhali irinku ana so kada ku wuce 100 a yini. Fara tambayar likitanka wace irin tsakuwa aka cire, don idan ta yurik asid ce, ba ganye ne abokin gabanka ba.

Idan ta okzalet ce, ka rage shi sosai. Ranar da za ka ci, a yanka shi, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye a zubar da ruwan, kamar yadda ake yi in za a yi kwaɗo. Wannan yana fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa fiye da rabin okzalet mai narkewa. Turarawa ba ta kai haka ba. Sannan ka ci tare da nono ko kindirmo, domin kalsiyam ya kama okzalet tun a hanji su fita ta bayan gida, ba su kai ga ƙoda ba. Mutane da yawa suna daina shan madara bayan tsakuwa, wanda hakan ƙara tsananta lamarin yake yi.

Ruwa ya fi komai. Ka sha har fitsarinka ya kai lita 2 zuwa 2.5 a yini ya zama garau, balle lokacin zafi. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kuma kada ka riƙa shan ƙwayar bitamin C mai ƙarfi, jiki yana mayar da wani sashenta okzalet. Ciwo mai tsanani a gefen kwiɓi, jini a fitsari, ko zazzaɓi tare da su, asibiti kai tsaye.

Yarana lafiyarsu ƙalau, muna cin miyar alayyahu sau 3 a mako. Okzalet zai hana su samun ayon? (Wata uwa daga Jos)

Ku ci abinku. Ƙoda mai lafiya tana fitar da wannan ba wahala. Kalsiyam ne okzalet ya fi riƙewa, ba ayon ba: jiki yana samun kusan kashi 5 cikin 100 na kalsiyam ɗin alayyahu, na madara kuwa wajen kashi 30, don haka kada ki dogara da ganyen wajen ƙarfin ƙashinsu. Abin da ba na so shi ne wannan sabon yayi na markaɗa ɗanyen ganye cike da kofi a sha kowace safiya, don a nan okzalet ɗin yake shiga ciki gaba ɗayansa.