Wanda ya ce ba ya cajin komai, a ina yake cin ribarsa?

Tambaya: Zan tura wa ɗana dala 2,000 kuɗin makaranta a Alkahira. Wani ya ce ba zai caje ni ko kobo ba, zai ba ni dala a kan naira 1,560. Wani wurin kuma dala 1,520 ce, amma akwai cajin naira 25,000. Wanne ya fi sauƙi? Daga wani mahaifi a Jega.

Amsa: Alhaji, na biyun ya fi sauƙi, da tazarar naira 55,000. Ga yadda lissafin yake.

Kowane kuɗin waje yana da farashin saye da na sayarwa, kuma abin da ke tsakiyarsu shi ne ma'aunin da za ka riƙe. Shi ne kusan abin da kake gani in ka bincika farashin dala a wayarka. Ba wanda zai sayar maka a kansa, amma da shi za ka gane nawa aka ɗora maka. Mu ɗauka a ranar yana kan naira 1,500, misali kawai, don farashin ba ya kwana wuri ɗaya. Ke nan dala 2,000 naira miliyan 3 ce cif.

Mai cewa kyauta ne ya ɗora naira 60 a kan kowace dala. Za ka ƙirga masa 3,120,000, wato ya ci 120,000, kashi 4 cikin ɗari, ba tare da kalmar caji ta fito daga bakinsa ba. Na biyun ya ɗora 20 ne kawai, kuɗin ya kama 3,040,000, ka haɗa da 25,000 ɗinsa ya zama 3,065,000. Abin da ya ci gaba ɗaya 65,000 ne.

Amma kada ka ɗauka kullum haka ne. Shi caji a tsaye yake, ribar canji kuwa tana girma da girman kuɗi. Ran da yaron ya kira yana neman dala 200 ta cefane da haya, na farkon zai ci 12,000 ne, na biyun 29,000. Bambancin farashinsu naira 40 ne, in ka raba 25,000 da 40 za ka samu 625. Ƙasa da dala 625 ka je wurin na farko, sama da haka ka je wurin na biyu.

Saura abin da ya fi ba iyaye ciwon kai. In ta banki kuɗin zai bi, ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, dala ba ta tashi daga nan ta faɗa Masar kai tsaye. Takan ratsa ta wani banki na tsakiya, galibi a Amurka, shi ma ya yanki nasa. A takardar da za ka cike akwai zaɓi uku: OUR, kai ka ɗauki dukkan caji, SHA, ka biya na bankinka, na hanya a cire daga cikin kuɗin, BEN, a cire komai daga na mai karɓa. In aka zaɓi SHA, sai makaranta ta ga, a ce, dala 1,975, ta rubuta wa yaro bashin 25, rajista ta tsaya a kan abin da bai kai kuɗin rago ba. Don kuɗin makaranta ka zaɓi OUR, ka tambayi nawa zai ƙaru kafin ka sa hannu. Bayan an tura ka karɓi kwafin shaidar turawa, wadda ma'aikatan banki suka fi sani da MT103, da ita ake bin sawu in kuɗi ya maƙale. Ka kuma tabbatar asusun makarantar na dala ne, in ba haka ba bankin can zai juya ta zuwa fam ɗin Masar a farashinsa, a ci riba sau biyu. Ka tambayi bankinka batun Form A ma, ita ce takardar neman kuɗin waje don biyan makaranta, amma ka fara da wuri, ba ranar da wa'adi zai cika ba.

Tambaya: Ina aika wa 'yar'uwata sefa a Gaya ta Nijar. Yaya zan san ba a cuce ni a canji ba? Daga wata 'yar kasuwa a Kamba.

Amsa: Hajiya, naki da sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Duba farashin yuro na ranar, ki raba da 656, ki ninka da dubu. In yuro na kan naira 1,700, jaka guda ta sefa ta kama wajen 2,590. Aka ce miki 2,700, an ɗora 110 a kowace jaka, fiye da kashi 4 cikin ɗari. Kasuwar bakin iyaka takan ɗaga in sefa ta yi ƙaranci, don haka ki ji farashin mutum biyu ko uku. Kafin ki miƙa kuɗi, ki sa mai canjin ya faɗi jaka nawa za su shiga hannunta bayan an cire kuɗin karɓa a can.