Kashi 2 cikin 100 da ya cinye sulusin ribarka

Tambaya: Malam, shekara biyar ke nan da na zuba miliyan 10 a wani asusun hannun jari ta hannun surukina, wanda wakilinsu ne. Ya ce kasuwa na ba da wajen kashi 10 cikin 100 a shekara, su kuma kashi 2 kacal suke ɗauka. Kasuwar ta yi yadda ya faɗa, amma ni miliyan 13.9 na tarar, alhali na sa ran fiye da 16. Ban taɓa ganin an cire min ko sisi a takardar da suke aiko min ba. Sata aka yi min? Ko in koma wani asusun da na ji ya ba da kashi 25 bara? Ga takardunsu na haɗo.

Amsa: Ba a sace maka komai ba, Malam. Duk abin da aka ɗauka kai ka sa hannu a ɗauka, yana nan rubuce a takardun da ka aiko, waɗanda da alama ba ka buɗe su ba tun ranar da aka miƙa maka. Kuskurenka guda ɗaya ne: ka auna cajin da uwar kuɗi, ka ga ƙanƙani ne, alhali da riba ake auna shi. Kashi 2 cikin uwar kuɗi ba komai ba ne a kunne. Amma idan abin da kasuwa za ta ba ka kashi 10 ne, wanda ya ɗauki 2 ya ɗauki ɗaya bisa biyar na ribarka. Da wani ya zo ya ce zai shiga kasuwancinka ba tare da ya kawo jari ba, yana karɓar ɗaya bisa biyar na riba, kuma shekarar da aka faɗi ma sai an biya shi, da ka kore shi tun bai gama magana ba.

Kuma ba kashi 2 ba ne ma. Abin da surukinka ya faɗa maka ladan manaja ne kawai, wanda aka rubuta a layin Management fee. Ƙasa da shi kaɗan akwai layin Total expense ratio, kuma a takardarka 2.5 ne. Wannan shi ne ladan manajan haɗe da kuɗin bankin da ke ajiye kadarorin asusun, da masu binciken lissafi, da sauran hidimar gudanarwa. Wasu kamfanonin suna rubuta TER, wasu Expense ratio, wasu OCF. Ko wanne ka gani, shi ne adadin da za ka riƙe, ba wanda mai talla ya furta da baki ba. Sannan a shafi na gaba akwai cajin shiga na kashi 3. Ɗauko takardar farko da suka aiko maka, ka ninka yawan yunit ɗin da aka rubuta maka, wato kason da ka saya a asusun, da farashin yunit na ranar. Miliyan 9.7 za ka samu. Dubu 300 sun tafi tun kafin kuɗinka su kwana a asusun, kuma galibi daga irin wannan cajin ake biyan wakilin da ya kawo mutum kamashonsa.

Dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin cirewa ba shi ne ba daga hannunka ake karɓa ba. Ana raba kashi 2.5 ɗin zuwa kwanakin shekara, kullum a zare ɗan guntu daga dukiyar asusun gaba ɗaya kafin a fitar da farashin yunit na ranar. A kan miliyan 10, wajen 685 ke nan a rana. Yawan yunit ɗinka bai ragu ba, shi ya sa takardar ta fito tsaf. Farashin kowane yunit ne yake zama ƙasa da inda ya kamata ya kai. Ba saƙo a waya, ba rasit, ba abin da zai sa ka ɗaga kai.

Yanzu mu bi kuɗin. Miliyan 10 da ke ƙaruwa da kashi 10 a shekara, riba na hawa kan riba, za su kai miliyan 16.1 a shekara biyar. Wannan shi ne lissafin da ka yi, kuma daidai ne idan babu caji ko ɗaya. Naka kuwa ya fara ne daga miliyan 9.7, yana ƙaruwa da kashi 7.5, wato 10 a cire 2.5. Shekara biyar a haka miliyan 13.9 ne, abin da ka tarar. Giɓin wajen miliyan 2.2 ne. A ciki, dubu 300 cajin shiga ne, wajen miliyan 1.4 cajin shekara-shekara ne, ragowar kusan rabin miliyan kuwa ba wanda ya karɓa: ribar da waɗancan kuɗin za su haifar ce da an bar su a ciki. Ribar da kasuwa ta bayar miliyan 6.1 ce, wadda ta iso gare ka 3.9. Fiye da sulusi ya tafi.

Wannan rabin miliyan ɗin da ba wanda ya karɓa shi ne abin tsoro, domin shi ne yake girma da shekaru. Ɗauki mutum biyu, kowanne da miliyan 10, kasuwa ɗaya, kashi 10 ɗaya, shekara 20. Na farko yana asusun da ba cajin shiga, cajin shekara kashi 0.5. Zai fita da wajen miliyan 61.4. Na biyu yana irin naka, zai fita da wajen miliyan 41.2. Miliyan 20 ne a tsakaninsu, ninki biyu na jarin da kowannensu ya fara da shi, kuma babu wanda ya fi wani wayo ko sa'a. Na sa kashi 10 kowace shekara ne don lissafi ya yi sauƙi. Kasuwa ba ta tafiya a miƙe haka, wata shekarar ta yi sama, wata ta faɗi. Cajin ne kaɗai ba ya fashi.

Ka kuma sa hauhawar farashi a lissafi, sai abin ya ƙara muni. Idan kaya na tashi da kashi 6 a shekara, ribar gaske a cikin kashi 10 ɗin nan 4 ce kawai. Cajin 2.5 daga wannan 4 ɗin yake fita, ya bar maka 1.5. Kai ka kawo kuɗin, kai ke ɗauke da haɗarin, amma kason da ya fi girma na wani ne.

Akwai kuma abin da ko TER ɗin bai ƙunsa ba, wato kuɗin saye da sayarwa a cikin asusun. Duk lokacin da manaja ya sayar da hannun jarin wani kamfani ya sayi na wani, ana biyan dillali, ana kuma asarar ɗan bambancin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Duba layin Portfolio turnover a rahoton shekara. Idan ka ga 100, ma'anarsa a cikin shekara ɗaya an juya kwatankwacin duk abin da ke cikin asusun, kuma kowane juyi da kuɗinsa. Hanyar da ta fi sauƙi ta gane jimlar abin da ke zurarewa ita ce ka ɗora ribar asusun ta shekara biyar kusa da ta ma'aunin kasuwar da shi kansa ya ce yana gogayya da shi, wanda ake rubutawa Benchmark. Idan cajin 2.5 ne amma asusun yana bin bayan ma'aunin da kashi 3.5 a shekara, ka san akwai wani kashi 1 da ke tafiya a juye-juye ko a mummunan zaɓi.

Batun asusun kashi 25 kuwa, cire shi daga ranka. Ribar bara ta waɗanda suke ciki bara ce, ba a sayar maka da ita. Abin da za a sayar maka shi ne cajinsa, kuma ban ga ka ambaci nawa ne ba, wato kana shirin maimaita abin da ya kawo ka nan. Masu irin wannan asusun sukan ƙara da ladan ƙwazo, su ɗauki wani kaso na riba a shekarar da aka ci, amma ba sa mayar da komai a shekarar da aka faɗi. Za a ce maka tsada alamar ƙwarewa ce. Masanin tattalin arziki William Sharpe ya warware wannan tun 1991 da lissafi mai sauƙi: manajojin da ke zaɓe-zaɓen hannun jari, idan aka haɗa su jimla, ribar kasuwa suke samu kafin caji, saboda haka bayan caji dole matsakaicinsu ya gaza asusun da ke bin ma'aunin kasuwa kawai da ƙaramin caji. Shahararren mai zuba jari na Amurka Warren Buffett ya gwada wannan a fili daga 2008 zuwa 2017: asusu mai araha da ke bin ma'aunin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 ya ƙaru da wajen kashi 126, zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsada da aka kara shi da su kuwa matsakaicinsu wajen kashi 36. Akwai manajojin da ke doke kasuwa, amma gano su tun kafin su yi shi ne wahalar, kuma shekara ɗaya ba ta nuna komai.

Abin yi shi ne ka nemi asusu mai saka kuɗi a irin kadarorin da naka ke sakawa, domin kwatanta cajin asusun hannun jari da na asusun takardun bashin gwamnati ba shi da ma'ana. A cikin irin naka, nemi wanda ba cajin shiga kuma jimlar cajinsa ƙasa da kashi 1. Idan ta manhaja ko dillali za ka saya, tambayi nasu cajin ka tara a kai, don shi ma ba ya cikin TER. Takardarka ta nuna cajin fita na kashi 1, kada ya tsorata ka. Wajen dubu 139 ne, kuma idan ka koma inda cajin ya ragu da kashi 2 a shekara, cikin wata shida ka mayar. Idan ka zauna shekara 15 nan gaba a kan lissafinmu na ɗazu, miliyan 41.2 ne, idan ka biya cajin fitan ka koma na kashi 0.5, wajen miliyan 53.8. Abu ɗaya da zai iya canza wannan lissafi shi ne haraji a kan ribar da za ka fitar, don haka ka tambayi nawa ne kafin ka cike fom.

Surukinka ba lallai ne ya yi nufin cutar ka ba, mai yiwuwa abin da aka koya masa ya faɗa shi ya faɗa. Amma ka tambaye shi, cikin mutunci, ko kamashonsa sau ɗaya ne ko kuwa ana ci gaba da biyansa duk shekarar da kuɗinka suka ƙara a asusun, domin wasu kamfanonin haka suke yi daga cikin ladan manaja. Idan na biyun ne, to ka san dalilin da zai sa ya ce ka ƙara haƙuri, kuma ba shi za ka nemi shawara a kan fita ba.