Fatawa: Zan iya tura wa abokin aikina Kirista saƙon sannu da jiki da Turanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara ilimi. Ina aiki a wani ofis a nan Jos. Akwai abokin aikina, mutumin Kudu ne, Kirista, ba ya jin Hausa. An yi masa tiyata, yanzu yana kwance a asibitin koyarwa da ke Lamingo. Na so in tura masa gajeren saƙo da Turanci ta WhatsApp in yi masa sannu, sai wani ɗan'uwa ya ce mini ba a yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a, kuma ambaton Allah da Turanci kwaikwayon Nasara ne. Mene ne hukuncin, kuma me zan rubuta?

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tura saƙonka. Ya halatta, kuma kana da lada in ka kyautata niyya. Inda ake bukatar lura shi ne abin da za ka roƙa masa, domin a nan ne mai yi maka nasiha ya haɗa abubuwa biyu ya yi musu hukunci ɗaya.

Mu fara sallamar maganar Turanci, don ba ta da tsawo. Saƙon sannu mu'amala ce tsakanin mutane, ba salla ba ce da aka ƙayyade lafazinta. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa rubuta masa wasiƙunsu, ya kuma koya cikin kusan rabin wata. A Buhari, da Annabi ya sanya wa yarinya Ummu Khalid riga, ya ce mata "sanah, sanah", wato "ya yi kyau" da harshen Habasha, ƙasar da aka haife ta. Mutumin da ba ya jin Hausa, da harshen da yake ji za a yi masa magana. Kalmar da Turawa ke kiran Ubangiji da ita ma babu laifi ka rubuta ta, kana nufin Allah Makaɗaici, kamar yadda masu fassara Alƙur'ani da yawa suka yi. In ka rubuta "Allah" kai tsaye, wannan ne ya fi. A Jos babu wanda kalmar take baƙuwa a kunnensa.

Sai duba marar lafiyar da ba Musulmi ba. Anas ya ruwaito cewa wani yaro Bayahude da yake yi wa Annabi hidima ya kwanta rashin lafiya, Annabi ya taka har gidansu ya zauna kusa da kansa. Ya kira shi zuwa Musulunci, yaron ya dubi mahaifinsa, mahaifin ya ce ya bi Abul Ƙasim, wato Annabi, ya kuwa musulunta. Wasu malamai sun fahimci cewa ana zuwa dubiyar ne idan akwai fatan shiriya. Wasu suka ce maƙwabtaka, ko zumunta, ko zaman tare ma dalili ne mai isarwa, kuma wannan nake rinjayarwa, saboda aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, inda Allah ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Mutumin da kuke wuni a ofis ɗaya kwana biyar a mako yana da haƙƙin zaman tare a kanka. Malaman fiƙihu kuwa suna cewa rubutu kamar magana ne, don haka abin da ya halatta ka faɗa masa a bakin gado ya halatta ka rubuta masa a waya.

To, ina hanin da ɗan'uwanka ya ji? Yana Suratut Tauba, aya ta 113, kuma a kan neman gafara yake ga waɗanda suka mutu a kan shirka. Roƙon lafiya dabam ne. Lafiya ni'ima ce ta duniya wadda Allah yake bai wa kowa, kamar ruwan sama da abinci. Abu Sa'id al-Khudri ya ba da labarin sahabban da suka sauka kusa da wasu Larabawa da suka hana su masauki, sai kunama ta harbi shugabansu, ɗaya daga sahabban ya yi masa tofi da Fatiha ya warke, Annabi kuma bai yi musu inkari ba. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin nema wa wanda ba Musulmi ba waraka.

Saboda haka addu'ar nan ta "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah" kada ka fassara masa ita. Ma'anarta ciwon ya zama tsarkakewa daga zunubi, wannan kuma alkawari ne da aka yi wa mumini. Ajiye ta don abokin aiki Musulmi, shi kam ko da Turanci kuke magana, rubuta masa ita ka bi ta da ma'anarta. Haka nan ba sai ka buɗe da sallamar Musulunci ba. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan ba a fara ta ga Yahudu da Nasara. Barka da asuba ko barka da yamma ta wadatar.

Ga abin da zan rubuta in da ni ne, kai ka mayar da shi Turanci, don ka fi ni iya shi: "Barka da yamma. Na ji an yi maka aiki, sannu da jiki. Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka zafin. Kada ka damu da aikin ofis, na riƙe takardun da ke teburinka har ka dawo, kuma ba sai ka amsa wannan saƙon ba." Jimlar ƙarshen nan kada ka sa ta sai in da gaske za ka riƙe aikin, domin alkawari ne. Amma in za ka iya, ita ce za ta fi sanyaya masa rai, don ma'aikaci na kwance tunaninsa na kan teburinsa.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne kwafo shiryayyun saƙonnin Turanci daga intanet a tura ba tare da an karanta ba. Akwai masu cewa "ba ka cancanci wannan ciwon ba", wanda yake suka ne ga hukuncin Allah ko da marubucin bai nufa ba. Akwai masu yanke cewa lalle zai tashi nan da kwana kaza, alhali ba kai ne likitansa ba, gaibu kuma na Allah ne. Akwai masu rufewa da roƙo da sunan Yesu. Annabi Isa (AS) muna girmama shi, amma ba ma roƙo ta wannan hanya, domin su da ma'anar allantaka suke faɗa. Duk saƙon da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, goge wurin, ko ma dai ka rubuta naka. Idan a zauren ma'aikata ne na waya wani ya rubuta irin wannan addu'ar, ba sai ka ce amin ba, ba kuma sai ka ta da gardama ba. Rubuta taka a ƙasa kawai.

Kada ka mayar da saƙon wa'azi. Mutumin da ɗinki ke ja bai da ƙarfin muhawara, kuma garinmu ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana a rikicin 2001 da na 2008, ya san tsadar magana marar lissafi. Roƙa masa shiriya tsakaninka da Ubangijinka, yadda Annabi ya roƙa wa ƙabilar Dausu.

Saƙon ba ya zama madadin zuwa da ƙafa ga wanda ke da hali. Lamingo ba nisa. Ka tambaye shi ko iyalinsa lokacin da ake barin masu dubiya, in ya nuna yana son hutu ka tsaya a kan saƙon, in ya yarda ka je ka gaishe shi, kada ka daɗe.

Wallahu a'alam.