Karkata da saukar bim mai kauri biyu

*Salamu alaikum. Ɗalibin injiniya ne ni a ATBU, Bauchi. An ba mu kantilifa mai tsawon mita 4, da nauyin `10 kN` a bakinta. Mita 2 na jikin bango `2EI` ne, sauran `EI`. Yaya zan samo karkata da sauka ta hanyar faɗin momen?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zanen `M` ba ruwansa da kauri a nan: 40 a bango, 20 a tsakiya, sifili a baki. Amma da zanen `M/EI` ake aiki, don haka raba kowane sashe da taurinsa. Na bango zai sauko daga 20 zuwa 10, sai zanen ya yi tsalle ya koma 20 daidai inda bim ɗin ya sirance. Wannan tsallen ɗalibai suka fi mantawa da shi.

Tunda bango ya riƙe bim gam, tanjan ɗin wurin a kwance yake, daga nan za ka auna. Yanka zanen gida uku: murabba'i mai faɗi 20 da alwatika mai 10 a sashen bango, sai alwatika mai 20 a waje. Jimlarsu ce karkata: `θ = 50/EI`.

Sauka kuwa, ninka kowane faɗi da nisan cibiyarsa daga baki, ba daga bango ba:

```
δ = (20×3 + 10×3.33 + 20×1.33)/EI = 120/EI
```

Ni kullum sai na gwada da `PL³/3EI`. Da duka `EI` ne, `213/EI` za a samu. Da duka `2EI` ne, `107/EI`. Taka ta faɗa tsakani, kusa da ta biyu, domin an ƙara kaurin ne inda momen ya fi yawa.