Wa ke yanke hukunci idan jirgi ya makara?

Tambaya: Kamfaninmu na hidimar masu Umara ne a Makka. Sashen masauki, na motoci da na kuɗi kullum cikin rikici kan wa ke da ikon sauya otal. An ce mu yi jadawalin RACI. Ta ina za mu fara?

Malam, RACI jadawali ne da ke nuna rawar kowa a kowane aiki da haruffa huɗu: R, A, C da I. Ka fara da aiki ɗaya tak. Ja layi ka rubuta: sauya otal idan jirgi ya makara zuwa Jidda. A sama jera muƙamai, kada ka sa sunayen mutane, domin ma'aikaci kan tafi hutu.

Jami'in masauki ya samu R, wato mai aiwatar da aikin, shi zai buga waya ya nemo ɗakuna. Manajan ayyuka ya samu A: shi ke cewa a yi ko a bari, kuma shi za a tuhuma. A ɗaya ce a kowane layi. In ka ba mutum biyu, kowa zai jira ɗan'uwansa, baƙi na zaune da jakunkuna a harabar otal.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin C da I. Mai C ana jin ta bakinsa kafin hukunci, amma ba shi da ikon hanawa. Akanta nan ya dace, ya faɗi ko kuɗin zai isa. Mai I kuwa sanar da shi kawai ake yi bayan an gama, kamar shugaban direbobi. Ni dai ina ganin C biyu sun isa, kuma a sa musu lokaci: in ba amsa cikin minti 30, manaja ya yanke.

In akanta ya dage sai da sa hannunsa, buɗe sabon layi na kashe kuɗin da ya wuce kasafi, ka ba shi A a can.