Motoci biyu, inshora biyu: wacce ce ta fi sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla da aka yi wa ƙimar naira miliyan 6, shekara uku ina biyan wani kamfani 300,000 duk shekara. Na yi hatsari sau ɗaya, gyara ya ci 700,000, suka ba ni 560,000. Sienna ta iyali kuma, mai ƙimar miliyan 10, tana wajen wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, shekara biyu, ina biyan 550,000 a shekara. An taɓa buge ta, gyara 250,000, suka biya 200,000, kuma sun taɓa mayar mini da rarar 30,000. Ina so in haɗa motocin wuri guda. Wanne ya fi sauƙi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da lissafin da na tabbata ka riga ka yi a zuci. Kamfanin farko ya karɓi 900,000 a hannunka, ya mayar maka da 560,000, saura 340,000. Idan ka raba wa shekara uku, kowace shekara ta tashi a kan kusan 113,000. Na takaful ya karɓi 1,100,000, abin da ya dawo maka na diyya da rara 230,000 ne, saura 870,000, wato 435,000 a shekara. Duk wanda ya kalli wannan zai ce na farkon ya ninka na biyun sauƙi kusan sau huɗu.

Lissafin daidai ne, amma tarihin aljihunka kawai ya ba ka. Abin da ya sauko da kuɗin Corolla shi ne hatsarin da ka yi da ita. Da Allah ya tsare ba ka yi ba, da 300,000 cif za ka gani, da kuma motar ta yi raga-raga an biya ka miliyoyi, da lissafin ya nuna kamar riba ka ci. Ka ga ke nan wannan ma'aunin tsautsayi yake aunawa. Na sha ganin mutum ya bar kamfani mai kyau don ya shekara biyar bai karɓi ko sisi ba, yana cewa kuɗinsa sun tafi a banza, alhali duk tsawon shekarun nan da wuta ta kama motar ko ɓarayi sun ɗauke ta, akwai wanda zai biya shi. Wannan kariyar ita ya saya, kuma ya same ta.

Don a yi adalci, sai a fara daidaita girman abin da aka kare, tunda motocin ba kuɗinsu ɗaya ba. Raba kuɗin shekara da yawan miliyoyin ƙimar mota. A kamfanin farko kowace miliyan ɗaya tana cin 50,000, wato kashi 5 cikin ɗari. A na takaful tana cin 55,000, kashi 5.5 ke nan. Kashi 5 ɗin nan ba rahusa kamfanin ya yi maka ba: tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade cewa cikakkiyar inshorar mota kada ta gaza haka bayan an cire duk wani rangwame. A lokacin ne kuma ƙaramar inshorar nan ta dole ta motar gida ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000. Saboda haka idan wani dillali ya zo maka da cikakkiyar inshora a kashi 2 ko 3, ka bincika takardarsa da kyau.

Tazarar da ta yi kamar ninki huɗu ta dawo 5,000 a kowace miliyan. Da a takaful Corolla take, 330,000 za ka riƙa biya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka duba sosai, wato kuɗin da suka fita daga aljihunka ranar gyara. Duk kamfanonin biyu sun biya ka kashi 80 na kuɗin gyara, sai ka ɗauka halinsu ɗaya. Ɗauko takardar da kowannensu ya ba ka lokacin biyan diyya, ka ga yadda aka yi yankan. Abu biyu aka saba cirewa. Na farko shi ne kason da aka yi yarjejeniya mai mota zai ɗauka da kansa a kowane hatsari, wanda ma'aikatan inshora ke kira ekses. Wani kamfanin yakan sa shi tsayayyen kuɗi, wani kuma kaso ne na kuɗin gyara, yana girma yadda ɓarnar ta girma. Na biyu shi ne ragin tsufa: bamba da fitilar da suka fashe sun shekara goma a jikin mota, fanalbita ya sa sababbi, sai kamfani ya ce motarka ta fi yadda take kafin hatsarin, don haka ka biya wani ɓangare.

A ganina, 140,000 da aka rage maka a Corolla ta yi kama da ekses na kashi 10, wato 70,000, da ragin tsufa na wata 70,000. Ita kuwa 50,000 ta Sienna ta yi kama da tsayayyen ekses. Takardunka ne za su tabbatar. Idan haka ne, sai mu ɗora hatsari iri ɗaya a kan kamfanonin biyu, domin ita ce kaɗai hanyar da tsautsayi zai fita daga lissafin. Ɗauki Corolla, shekara uku, hatsari ɗaya na 700,000. A kamfanin farko ka biya 900,000, ka ƙara 140,000 wajen gyara, jimla 1,040,000. A takaful za ka biya 990,000, ka ƙara 50,000, jimla 1,040,000. Kunnen doki suka yi, kusan 347,000 a shekara kowannensu. Wannan adadin, kuɗin inshora haɗe da abin da ka cika da hannunka, shi ne ainihin abin da kariyar ke ci maka.

Daga nan halin tuƙinka da hanyoyin da kake bi ne za su raba gardama. Idan shekara uku suka wuce ba ko ƙwarzane, kamfanin farko ya fi sauƙi da 90,000. Idan kuwa aka yi babbar ɓarna ta miliyan 2, kashi 10 kaɗai 200,000 ne kafin a zo ga ragin tsufa, a takaful kuma 50,000 ce dai. Mai zirga-zirga tsakanin Zariya da Kano ko Kaduna kowane mako ya fi buƙatar tsayayyen ekses. Rarar takaful ƙari ce a kan wannan, sai dai ban sa ta cikin lissafin ba da gangan: ana raba ta ne idan asusun mahalarta ya yi saura bayan biyan diyya, kuma galibi waɗanda ba su karɓi diyya a shekarar ba ake ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna a tambayarka. Shekara uku kana biyan 300,000, ma'ana ƙimar Corolla tana nan a miliyan 6 tun farkon yarjejeniyar, alhali ka san yadda kuɗin mota ya tashi bayan faɗuwar naira. A ce yau miliyan 9 take a kasuwa. Idan aka sace ta, ba za a ba ka abin da ya wuce miliyan 6 ba, kuma idan yarjejeniyarka tana da sharaɗin biya gwargwadon ƙima, ko a ƙaramin gyara ana iya ba ka kashi biyu cikin uku kawai. Gyara ƙimar zai kai kuɗinka 450,000 a shekara a kashi 5. Na san da nauyi, amma gara ka san shi yanzu.

Ni dai da a matsayinka nake, in takardu sun tabbatar da tsayayyen ekses ba ragin tsufa, takaful zan kai motocin biyu. Kafin ka sa hannu, ka sa kowane kamfani ya rubuta maka farashinsa a kan sabuwar ƙimar motocin, da adadin ekses, da matsayinsa kan ragin tsufa. Ka kuma tuna kwana nawa kowannensu ya ɗauka kafin ya biya ka, domin idan Corolla ta yi wata biyu a gareji kana hawa Keke Napep, kuɗin hayar nan ma sai ka tara su a kan 1,040,000 ɗin.